Yadda ake yi wa mai tayi bayanin farashi ba ƙarya ba matsi

Jakar makaranta nake ɗinkawa ina sayarwa, kuma abin da ya fi ba ni wahala a shekarun farko ba ɗinkin ba ne, lokacin nan ne da mutum zai ɗaga jaka ya juya ta ya ce "nawa?", na faɗa, ya ce "kai, ta yi tsada, nawa za ka bari?" A nan bakina yake rikicewa. Ko dai na rage nan take tun bai ma gama magana ba, ko na fara rantse-rantse cewa uwar kuɗin ma ban fitar ba. Duka biyun sun cuce ni. Abin da zan rubuta a nan shi ne tsarin maganar da nake bi yanzu, daga lissafin da ake yi tun mai saye bai zo ba har zuwa kalmar sallama idan cinikin bai faɗa ba. Da jaka zan yi misali don ita na sani, amma mai gyaran waya ko kafinta ko mai saro kaya ya sayar duk zai iya ɗora nasa a kai.

Lambobin da za ka gani ba na wani kuɗi takamaimai ba ne. Na ɗauki farashin jakar a matsayin 100 ne kawai don lissafin ya yi sauƙi, kai sai ka mayar da shi kuɗin da kake ciniki da shi.

Mataki na farko: ka san gaskiyar kafin ka faɗe ta

Ba za ka iya yi wa mutum bayanin abin da kai kanka ba ka sani ba. Yawancinmu da muke rantsuwa a wajen ciniki ba don mun shirya ƙarya ba ne, ba mu taɓa zama mun yi lissafi ba ne, to da aka matsa mana sai rantsuwa ta cike gurbin lissafin. Don haka ka ɗauki biro da takarda, daren yau ma idan da hali.

Ga yadda tawa take. A jaka ɗaya ta 100, yadin waje mai kauri yana cin 28. Shafi da soson da ake sawa a baya da kafaɗa 10. Zif da madauri da ƙarafunan da ake zuge madaurin da su 12. Zare da allura da sauran tarkace 2. Kayan aiki kenan, 52. Sai aikin hannu, jaka ɗaya tana cin awa 3 daga yanka zuwa gamawa, na sa wa kowace awa 6, ya zama 18. Mutane da yawa a nan suke yin kuskure, ba sa lissafa aikinsu, sai su ɗauki ladan guminsu su kira shi riba. Ba riba ba ce. Da ka ba wani tela ya ɗinka maka ai biyansa za ka yi, to kai ma haka.

Sai kuɗaɗen da ba a gani a jikin jaka: hayar wuri, wuta, man keke da gyaransa, kuɗin mota zuwa sayo kaya, kati da data na amsa kwastomomi. A wata duka sun kama 480. Ina ɗinka jaka 60 a wata, idan ka raba 480 gida 60 kowace jaka ta ɗauki 8. Na ƙarshe shi ne asara, don kusan a kowace jaka 40 sai ɗaya ta lalace a yanka ko an dawo da ita na canza, wannan idan aka raba shi ya zama kamar 2 a kan kowace jaka. Tara su: 52 da 18 da 8 da 2, 80 kenan. Ribar 20 ce.

Yanzu ka dubi abin da ragi yake yi. Mai saye idan ya ce a cire masa 10 kawai, a idonsa kashi 10 cikin 100 ne, ɗan kaɗan. A wajenka rabin riba ne ya tafi, domin ragin ba ya taɓa yadi ko haya, daga cikin 20 ɗin nan yake fita. Idan duka jaka 60 ka sayar a 90, ribar wata ta sauko daga 1200 zuwa 600. Kafin ka dawo da ita inda take, ko da 480 ɗin nan na haya da sauransu bai ƙaru ba, sai ka ɗinka jaka 94 a maimakon 60, wato ƙarin jaka 34, ƙarin awa 102 a kan keke. Ranar da na fara ganin wannan lissafin a takarda na daɗe ina kallonsa.

Akwai wani tarko kuma da yake kama mutane. Ka ɗora kashi 25 a kan uwar kuɗi 80, ya zama 100. Sai wani ya ce a rage masa kashi 25, kai kuma ka ce ai ribar ce kawai ta tafi, uwar kuɗi tana nan. A'a. Kashi 25 na 100 shi ne 25, ka sayar a 75 kenan, ka faɗi da 5. Kashin da aka ɗora a kan uwar kuɗi da kashin da aka cire daga farashi ba abu ɗaya ba ne.

Kuma wannan lissafin ba a yinsa sau ɗaya a ajiye. Watan da kasuwa ta ja baya na ɗinka 40 kawai, hayar ba ta ragu ba, 480 ɗin ta koma 12 a kan kowace jaka, uwar kuɗi ta hau 84. Duk sanda yadi ya tashi ko ciniki ya ragu a sake lissafi.

Mataki na biyu: ka yanke inda za ka tsaya tun kana kai kaɗai

Lamba biyu kake buƙata a ranka. Farashin da za ka faɗa, da ƙasan da ba za ka wuce ba. Ni nawa lambobin 100 ne da 92. Kada tazarar ta yi faɗi. Idan kana faɗin 150 kan abin da za ka sallama a 95, duk bayanin da zan kawo a ƙasa ba zai yi maka aiki ba, domin farashin farkon kansa ba gaskiya ba ne, kuma mai saye yana ganewa. Wanda ya ga an faɗo masa daga 150 zuwa 95 ba murna yake tafiya da ita ba, tunani yake yi ko da ya ƙara matsawa da an bar masa 70.

Kuma duk wanda yake tsaya maka a wurin sayarwa ya san waɗannan lambobin biyu. Ni a nan na taɓa jin kunyar da har yau ban manta ba. Wata mata ta taya jaka 85, na ce mata wallahi ko 90 na bayar faɗuwa zan yi, ta yarda da ni ta biya 95. Bayan kwana biyu ba na nan, ƙanwarta ta zo, yaron da nake koya wa aiki ya bar mata irin jakar sak a 85 don ban taɓa gaya masa iyaka ba. Matar ta dawo, ba ta ɗaga murya ba, ba ta nemi a mayar mata da kuɗi ba, ta ajiye jakunkunan biyu a kan teburin yanka gefe da gefe ta ce "Malam, kuɗin ba komai ba ne, rantsuwar ce ta dame ni." Na mayar mata da 10, ta karɓa, amma ba ta sake zuwa ba. Kuma gaskiyarta ne, a 90 ba faɗuwa zan yi ba, riba ce za ta ragu. Daga ranar na cire rantsuwa daga cinikina gaba ɗaya.

Mataki na uku: faɗi farashi ka yi shiru

"Wannan 100 ce, Hajiya." Shikenan. Kada ka ƙara da "amma ana ragi", kada ka ce "sai dai ta ɗan yi tsada", kada ka fara ba da haƙuri. Idan ka fara kare farashin tun ba a kai masa hari ba, ka nuna kai ma ba ka yarda da shi ba. Bar ta ta juya jakar, ta zuge zif, ta leƙa ciki.

Idan ta ce ta yi tsada, nan ma ba lokacin bayani ba ne tukuna. Tambaya za ka yi, domin "ta yi tsada" magana ce mai fuska uku. Wata tana nufin kuɗin hannunta bai kai ba. Wata ta ga irinta a wani wuri da araha. Wata kuma tayi ne kawai na sabo, tana da kuɗin kuma ta san jakar ta kai, so take ta ji ba a cuce ta ba. Amsar ɗaya ba ta yi wa ɗayar. Wadda kuɗinta bai kai ba idan ka tsaya kana yabon ingancin zif, ƙara mata nauyi kawai kake yi.

Abin da nake cewa: "To Hajiya, kin ga irinta a ƙasa da haka ne, ko akwai abin da kika ware wa jakar ne mu duba abin da zai dace?" Da murya mai laushi, ba irin ta mai tuhuma ba. Sai kuma "wa za a saya wa, ajinsa nawa?" Wannan tambayar ta biyu tana da amfani sosai, domin yaron da zai ɗauki littafi biyu da ɗan abin ruwa ba ya buƙatar jakar da aka yi wa mai ɗaukar manyan littattafai takwas. Wani lokaci amsar gaskiya ita ce jakar 100 ta fi ƙarfin buƙatarta, sai ka nuna mata ƙarama.

Mataki na huɗu: dalili biyu, waɗanda hannu zai taɓa

Nan ne zuciyar abin, zan ɗan daɗe a kai. Dalilin farashi iri biyu ne. Akwai wanda ya shafe ka, kamar haya da wuta da kuɗin mota. Akwai wanda ya shafi mai saye, wato abin da zai tafi da shi gida. Na farkon gaskiya ne amma ba shi za ka sa a gaba ba, domin ita ma tana biyan haya, ita ma komai ya yi mata tsada, idan ka fara kukan haya za ta fara nata, ciniki ya koma gasar wa ya fi wahala. Fara da abin da za ta iya gani da idonta ta taɓa da hannunta.

Ni ga yadda nake yi. Na juya jakar na nuna mata inda madauri ya haɗu da jiki: "Hajiya duba nan. Jakar yara daga nan take fara mutuwa. Na yi masa ɗinki mai kusurwa huɗu da gicciye a ciki, kuma akwai ƙarin ƙyalle a bayansa, sa hannu ki ji kaurin. Ja shi da ƙarfi, kar ki ji komai." Sai ta ja. Sai na biyu: "Zif ɗin nan mai manyan haƙora ne, ya fi ƙaramin tsada a wajen saye, amma shi ne ba ya buɗewa ta tsakiya idan yaro ya cika jakar." Sai ta zuge sau biyu uku. Daga nan na rufe da jimla ɗaya: "Kayan aikin kaɗai sun haura rabin kuɗin, kuma awa uku take ci a keke. Shi ya sa take 100."

Ka lura ban wuce dalili biyu ba, sai jimlar rufewa. Idan ka jero bakwai, na ukun ma ba ta ji ba, kuma yawan magana yana kama da na mai ɓoye wani abu. Ka lura kuma kowace magana a ciki ana iya bincikenta. "Kayan aiki sun haura rabi" gaskiya ce, 52 cikin 100. "Awa uku" gaskiya ce. Ba dole ba ne ka buɗe mata littafinka ka gaya mata ribarka 20 ce, wannan sirrin sana'arka ne kuma rashin faɗa ba ƙarya ba ne. Abin da ba ka da izini shi ne ka faɗi abin da ba haka ba. Idan ta tambaya kai tsaye ko akwai riba a ciki, ka ce "akwai mana Hajiya, da ita nake riƙe da aikin, amma ba mai yawa ba ce." Mutane suna karɓar wannan da sauƙi fiye da yadda kake zato. Ba wanda yake tunanin ka fito aiki don a tashi a tutar babu.

Wani abu da na ga yana ƙara wa maganata nauyi shi ne faɗin aibin kayan da kaina. "Yadin yana jure yayyafi, amma ba na ce miki ruwa ba ya shiga ba, idan ruwan sama mai ƙarfi ya dake ta zai bi ta ɗinki da zif." Wani zai ga kamar ɓata ciniki ne. Ni abin da na gani, da zarar na faɗi wannan sai fuskar mai saye ta saki, domin ta gane ba duk abin da zai sa ta saya nake faɗa ba. Kuma ya rufe ƙofar rigimar gobe.

Sai maganar tsohon kaya, wadda take sa masu gaskiya ma su zame. Ka sayi yadi a 28 wancan watan, yau ya koma 34. Ka ƙara farashin jaka, mai saye ta ce "ai wannan tsohon ɗinki ne, tun kafin kaya su tashi." Kada ka ce sabon saye ne idan ba haka ba. Ka ce: "Gaskiyarki, yadin wannan a tsohon farashi na saye shi. Amma idan na sayar da ita a tsohon kuɗi, abin da zan karɓa ba zai sayo mini yadin da zan ɗinka wata ba. Da kuɗin mayarwa nake lissafi." Dalili ne mai ƙarfi kuma gaskiya ne. Sai dai ka riƙe shi ta fuska biyu, ranar da yadi ya sauka kai ma ka sauko, in ba haka ba dalilin ya zama wayo.

Mataki na biyar: amsoshin maganganun da kullum ake yi

"Na gani a wani wuri 70." Kada ka zagi kayan wancan, ba ka gan su ba. Kada kuma ka ce mata ƙarya take yi, ko da kana zargin haka. Ka ce: "Zai yiwu Hajiya, akwai masu 70. Ban ga tasu ba, ba zan ce komai a kanta ba. Idan kin koma ki duba wurin madaurin nan da zif da kaurin bayan. In duk iri ɗaya ne da wannan, ki saya can, kin samu araha. Ni dai a 70 ban fitar da abin da na kashe ba." Jimlar ƙarshen nan na faɗe ta ne don uwar kuɗina 80 ce, gaskiya ce a 70. A 85 ba zan faɗe ta ba, sai dai na ce "85 ba ta yi mini ba, ribar ta yi ƙanƙanta."

"Ni fa kwastomarka ce, kullum nan nake saye." Idan haka ne, a nan ne tazarar nan ta 100 zuwa 92 take da amfani. "Na sani Hajiya, kuma na gode. Saboda haka ki ba da 95." Ka ambaci dalilin ragin, don ta san na tsohuwar hulɗa ne, ba wai farashin farko na bogi ba ne.

"Ƙarshe nawa?" Idan ka ce ƙarshe, ya zama ƙarshe. Wanda ya ce ƙarshe 92 sannan ya sallama a 88 da mai saye ta juya baya, ya koya mata cewa maganarsa ba ta da gindi, gobe sai ta juya baya sau biyu. In ba ka shirya tsayawa ba kada ka furta kalmar.

"Abin da ke hannuna kenan, 80." Wannan ita ce ta fi taɓa zuciya, musamman uwa da yaro a gefe yana kallon jakar. A nan mataki na gaba yake shigowa.

Mataki na shida: idan farashi zai sauka, wani abu ya sauka tare da shi

Ragin da ba shi da dalili yana rushe duk bayanin da ka yi. Ka gama cewa ta kai 100 saboda kaza da kaza, sai ka bayar a 85 haka kawai, to ashe ba ta kai ba kenan. Hanyar da take kare gaskiyarka ita ce a canza abin da ake saye.

A jakata, idan na cire aljihun gaba mai zif da soson baya, na rage zif 4, soso 4, yadi 3, da rabin awa na aiki 3. Jimla 14. Sai na ce: "Hajiya wannan ba za ta zo 80 ba. Amma zan iya ɗinka miki irinta ba aljihun gaba ba soso a baya, a 86. Madaurin da babban zif ɗin dai iri ɗaya ne, ban taɓa su ba. Abin da za ki rasa shi ne laushin bayan, idan littattafan masu nauyi ne yaron zai ji su." Ka ga na gaya mata abin da aka cire da abin da zai biyo baya, ba a ɓoye na rage inganci na bar ta tana zaton iri ɗaya ce ba. Idan 86 ɗin ma bai yiwu ba, sai ƙarama, ko ta ba da kafin alƙalami a ajiye mata zuwa ranar da ku biyu kuka amince, a rubuta.

Haka sayen da yawa. Mai sayen 12 iri ɗaya yana da haƙƙin ragi na gaske, domin yanka su tare yana saukar da aikin daga awa 3 zuwa 2 da rabi, 3 kenan, kuma sayen yadi da yawa yana rage kamar 2. Sai na ce "idan 12 ne 95 kowace, don yankan lokaci ɗaya zan yi." Ribata ba ta motsa ba, shi kuma ya samu sauƙi na ainihi. Amma mai cewa "ka rage mini wannan ɗayar, zan dawo na sayi goma", amsarsa ita ce "Allah ya kawo ka Malam, ranar da za ka ɗauki goman zan yi maka farashin goma."

Idan kuma ka ga halin mutum ka so ka taimaka, ka taimaka, amma ka kira abin da sunansa. "Kuɗinta 100 ne, ki kawo 80 ɗin, sauran na bar wa yaron." Kyauta ce ka yi da saninka. Kada ka ce farashin kenan, don gobe maƙwabciyarta za ta zo da 80 a hannu tana cewa haka aka sayar wa wance.

Mataki na bakwai: buɗe mata hanyar tafiya

Matsi yana da kalmomin da kowa ya sani. "Ita kaɗai ta rage" alhali akwai goma a ƙarƙashin tebur. "Yanzu wani ya taya" alhali ba wanda ya zo. "Gobe za ta tashi" alhali ba ka da labarin haka. Har da na kunyatarwa, irin "babbar mace kamarki ki tsaya kan 10?" Wannan na ƙarshen ya fi muni, yana sa mutum ya biya don kare mutuncinsa ya tafi da haushinka. Idan da gaske ita kaɗai ta rage a wannan launin, faɗa sau ɗaya ka ƙara da cewa za ka iya ɗinka wata cikin kwana kaza. Labari ne kake ba ta, ba tsoratarwa ba.

In tayin bai kai ba: "Albarka Hajiya, a haka ba zan iya ba. Ki zaga ki duba, ki yi shawara, in kin ga ta yi miki tana nan a yadda na faɗa. Na gode da kika tsaya." Ka karɓi jakar da fara'a, kada ka fizge, kada ka ɗaure fuska, kada ka yi tsaki bayan ta juya. Kuma in ta dawo bayan awa ɗaya kada ka ce "ai na gaya miki", kada ka ƙara ko ɗaya a kan abin da ka faɗa. Da yawa ba sa dawowa wurin da suka bari ba don farashi ba, don kunyar dawowar ne, to sallamarka ce take cire wannan kunyar.

Idan a waya ake cinikin ta saƙo, tsarin bai canza ba sai dai a gajarce, kuma hoto ko ɗan bidiyo ya maye gurbin taɓawa. Ga irin wanda nake turawa bayan an ce ta yi tsada: "Na gane Hajiya. Ga hoton ɗinkin madaurin da zif ɗin daga kusa, su ne suka fi cin kuɗin kuma su ne suke sa ta daɗe. Wannan 100 ce. Akwai marar aljihun gaba da soso a 86 idan ita ta fi dacewa. Ki duba a nutse, duk wadda kika zaɓa ki sanar da ni." Idan ta yi shiru, tuntuɓa ɗaya bayan kwana ɗaya ko biyu ta isa. Saƙo a kai a kai shi ma matsi ne.

Ta yaya za ka gane maganar tana aiki ko ba ta yi? Ka ɗauki wata guda kana rubuta kowane ciniki a layi ɗaya: nawa aka taya, nawa aka sayar ko an fasa, da abin da mutum ya ce. Idan kusan kowa yana saye nan take ba ko tayi, mai yiwuwa farashinka ya yi ƙasa, koma kan lissafi ka ga ko ka manta aikin hannunka. Idan yawanci a 92 ake ƙarewa, to da wuri kake sauka, ko kana ragi tun kafin ka nuna dalili. Idan kuma mutane suna sauraron bayanin har ƙarshe, suna jan madauri suna cewa gaskiya ta yi kyau, amma suna tafiya ba su dawo ba, matsalar ba a bakinka take ba. Ko dai jakar ta fi ƙarfin masu zuwa wajenka, sai ka ƙara yawan mai 86 ɗin ka sa ta a gaba, ko kuma uwar kuɗinka ce ta fi ta sauran masu sana'ar, sai ka je ka sayi ta mai 70 ɗin guda ɗaya, ka farke ta a kan tebur, ka auna yadinta da zif ɗinta da naka ka ga inda bambancin yake.